Daga bauca zuwa littafi: yadda ake lissafin ƙananan kuɗin ofis

Kowane ofis yana da ƴan buƙatun da ba za a tsaya rubuta musu cek ba: kuɗin motar masinja, man janareta, tsintsiya, ruwan leda na baƙi. Don haka ake ware wasu kuɗi a damƙa wa mutum ɗaya, shi ne ƙaramin kashiya, ya riƙa biya daga akwati. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda ma'aikata ke kira imfires. Ana ba kashiya tsayayyen adadi a farkon wata, in wata ya ƙare a mayar masa da daidai abin da ya kashe, akwati ya koma yadda yake. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci. Duk lokacin da aka buɗe akwatin, tsabar kuɗin da ke ciki da jimillar baucocin da aka biya dole su haɗu su ba da adadin da aka fara da shi.

Bauca ƴar takarda ce mai lamba, wadda ake cikewa kafin kuɗi ya fita. Tana ɗauke da kwanan wata, da sunan mai karɓa, da abin da za a yi da kuɗin, da adadinsu cikin alƙaluma da kuma cikin kalmomi. Rubutawa sau biyun nan tana da dalili, domin ƙara sifiri a bayan 1,500 abu ne mai sauƙi, amma gyara "dubu ɗaya da ɗari biyar" ba tare da an gani ba sai an sha wuya. A ƙasa kuma akwai wuraren sa hannu. Mai ba da izini yana shaida cewa ofis ya yarda da kashewar, mai karɓa yana shaida cewa kuɗin sun shiga hannunsa, kashiya kuma yana shaida cewa shi ya biya. Wanda bai iya rubutu ba sai ya dangwala yatsa. Ba a so kashiya ya zama shi ne kuma mai ba da izini, ko da kuwa an yarda da amanarsa.

A ce wata makaranta ce mai zaman kanta, an ba kashiyarta naira 50,000 ran ɗaya ga wata. Ƙarshen wata ya zo, ga baucoci shida a gabanta. Aikinta na farko shi ne ta jera su bisa lamba, ta tabbata babu wadda ta ɓace a tsakani. Baucar da aka ɓata wajen rubutu ma ba a yaga ta, ana soke ta ne da layi biyu a bar ta cikin jeri.

Bauca ta ɗaya ta alli ce da biro da takarda. Malamin da ya cike ta ya nemi 9,000, amma shugaban makaranta ya ja layi a kai, ya rubuta 7,500, ya sa hannu kusa da gyaran. A nan ne sababbin kashiyoyi suka fi tuntuɓe, domin ido yakan fara sauka a kan adadin farko. Abin da zai shiga littafi 7,500 ne. In kuwa ta riga ta miƙa 9,000, to ragowar 1,500 tana wuyanta har sai an dawo da ita ko shugaba ya sake amincewa a rubuce.

Ta biyu man janareta ne na 12,000, da rasit ɗin gidan mai a maƙale, ba wata magana. Ta uku ta fi ban sha'awa. An amince a ba masinja 2,000 ya kai saƙo banki, ya hau adaidaita sahu zuwa da dawowa a kan 1,400, ya dawo da canjin 600. Direban adaidaita ba ya ba da rasit, saboda haka sa hannun masinjan da na shugaba su ne hujja. Izinin da aka bayar iyaka ce da ba za a wuce ba, littafi kuwa abin da ya fita na gaskiya yake nema. Sai a rubuta canjin a jikin baucar, masinja ya sake sa hannu, a shigar da 1,400. Ta huɗu tsintsiya da omo ce, 3,600. Ta shida ruwa da shayi ne na taron malamai, 4,300.

Saura ta biyar, gyaran famfo na 8,000. Mai gyaran ya sa hannu ya karɓa, amma gurbin shugaba fayau yake. Ranar ya yi tafiya ne, ya ce ta waya, "Malama, ki ba shi, in na dawo na sa hannu." Kowa ya san yadda irin wannan alkawari ke ƙarewa. A ra'ayina gara kashiya ta ajiye wannan bauca gefe, kada ta shigar da ita, ta bi shi har ofis da biro a hannu. Mai binciken kuɗi ba ya karɓar "ai ya ce a biya" a matsayin hujja.

Shi littafin yana da ɓangare biyu. Hagu na kuɗin da suka shigo ne, a nan 50,000 ɗin nan za ta zauna da kwanan watanta. Dama na kuɗin da suka fita ne, kowace bauca da layinta: kwanan wata, bayani, lambar bauca, sai jimilla. Daga nan akwai ƴan gidaje a jere, kowanne da kansa, kamar kayan rubutu, sufuri, mai, tsafta da gyare-gyare. Kowane adadi ana rubuta shi sau biyu a layi ɗaya, a gidan jimilla da kuma gidan da ya dace da shi. Kuɗin masinja, alal misali, 1,400 a jimilla, 1,400 a sufuri. Amfanin haka shi ne akanta zai kwashe jimillar kowane gida sau ɗaya zuwa babban littafi, maimakon ya bi baucoci ɗaya bayan ɗaya. Duk baucar da aka shigar sai a buga mata hatimin an biya, don kada a sake gabatar da ita ko rasit ɗinta a wata mai zuwa.

Yanzu a haɗa. Baucoci biyar ɗin da suka cika sun ba da 28,800, littafi ya ce saura 21,200. Da ta ƙirga akwati sai ta sami 13,200. Giɓin 8,000 ne cif, kuma ga takardarsa a gefe. Da shugaba ya sa hannu aka shigar da ita, jimilla ta koma 36,800, saura 13,200, littafi da akwati suka yi daidai. Abin da za a biya ta ke nan, 36,800, don ta shiga sabon wata da 50,000.

Ba kowane giɓi ne ke bayyana kansa haka ba. Abu na farko da ake yi shi ne a haɗa jimillar ƴan gidajen nan a kwance, a gani ko ta yi daidai da babbar jimilla. In ba ta yi ba, kuskuren a cikin littafi yake, an tsallake wani gida ko an rubuta adadi biyu mabambanta a layi ɗaya. In ta yi daidai amma akwati ya ƙi, sai a koma kan baucoci. Akwai wata dabara ta tsofaffin akantoci: a raba giɓin da tara. Idan aka rubuta 6,300 a maimakon 3,600, bambancin 2,700 ne, kuma tara tana raba shi ba saura. Wannan yakan nuna an juya alƙaluma ne. A irin wannan hali akwati ne zai fi littafi yawa, kuma rarar kuɗi ma kuskure ce da sai an nemo tushenta.

Idan duk wannan bai warware ba, a leƙa ƙasan akwatin. Sau da yawa a can ake samun guntun takarda da wani ma'aikaci ya rubuta cewa ya ari 3,000 zuwa ranar albashi. Wannan bashi ne, ba shi da gida a littafin, kuma ba za a mayar wa kashiya da kuɗinsa ba. Mai shi ne zai biya kafin a rufe lissafin wata.