Bambancin jaki da doki wajen hali, juriya da kulawa

Jaki da doki dabbobi ne 'yan dangi ɗaya, har suna iya barbarar juna a haifi alfadari. Wannan kusanci ya sa ake yawan ɗaukar jaki a matsayin ƙaramin doki maras tsada, wanda ba ya buƙatar kulawa sosai. Amma dabbobin biyu sun bambanta a yadda suke fuskantar tsoro, da yadda suke jure ƙishirwa da aiki, da irin abincin da cikinsu ya saba da shi. Bambancin da ya fi shafar mai aiki da su shi ne doki yana nuna damuwarsa a fili, jaki kuwa yana ɓoye tasa.

## Asali

Jakin gida ya fito ne daga jakin dawa na arewa maso gabashin Afirka, yanki mai duwatsu da ƙarancin ruwa da ciyawa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna an fara kiwonsa kimanin shekaru 7,000 da suka wuce. Dawakin da ake hawa a yau kuwa sun yaɗu ne daga filayen ciyawa na kudancin Rasha ta yanzu, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. A can doki yana rayuwa cikin garke a fili shimfiɗaɗɗe, inda gudu ne mafita idan maƙiyi ya taso. Jakin dawa yana yawo shi kaɗai ko cikin 'yan tsiraru, a wurin da gudu a makance zai iya karya masa ƙafa. Yawancin bambance-bambancen da ke tsakaninsu daga nan suka samo tushe.

A ƙasar Hausa ana rarrabe jakuna da launinsu, akwai auraki da duni da fari da idabari. Jaki shi ne na dakon taki da itace da ruwa da amfanin gona, doki kuwa ya fi alaƙa da hawa da sarauta da kilisa.

## Hali

Idan doki ya firgita, abu na farko da yake yi shi ne zabura. Yana iya yin tutsu, ya tsinke ragama, ko ya ruga da mahayi ko amalanken da yake ja. Saboda haka horon doki ya fi karkata ga saba masa da ƙara da cunkoso, da koya masa bin linzami ko da ya tsorata. Hatsarinsa a bayyane yake, kuma mai shi yana gane alamun tun da wuri: kunnuwa su kwanta baya, ido ya fito, jiki ya ɗauki rawa.

Jaki idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, kamar gada ko kwalbati ko ruwa mai gudu, sai ya tsaya cik. Wannan tsayuwa ce ake kira taurin kai, alhali sau da yawa tsoro ne, ko ciwo, ko kaya da suka fi ƙarfinsa. Duka ba ya kawar da dalilin tsayuwar. Abin da yake yi shi ne ya koya wa jakin cewa wurin da mutumin duka abin tsoro ne, kuma jaki yana da riƙon abin da ya same shi. Masu jakuna da suka ƙware sukan ba shi ɗan lokaci ya sunsuna wurin, ko su sa wani jakin da ya saba ya wuce gaba. Idan aka ƙure shi ya rasa hanya, jaki yakan juya ya yi faɗa da cizo da harbi, musamman namiji da ba a dandaƙe ba. Yana kuma shaƙuwa ƙwarai da abokin zamansa, har yakan daina cin abinci idan aka raba su farat ɗaya.

## Juriya

Wajen ƙishirwa jaki ya yi wa doki nisa. Gwaje-gwaje sun nuna yana iya rayuwa bayan ya rasa ruwan jiki da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, sannan ya mayar da mafi yawansa cikin 'yan mintuna idan ya samu ruwa. Yana ci gaba da cin abinci ko yana jin ƙishirwa, abin da doki ba ya daɗewa yana yi. Doki yana sanyaya jikinsa ne da gumi mai yawa, kuma a aiki mai tsanani cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, tare da gishirin jikinsa.

Sai dai iya rayuwa daban, iya aiki daban. Jakin da bai sha ya ƙoshi ba tafiyarsa tana raguwa, kuma abinci yana iya cushe masa a hanji. Ga shi da tsantseni: yakan ƙi ruwa mai datti ko na baƙon bokiti ko da yana jin ƙishirwa, sai mai shi ya zaci ba ya buƙata.

Doki ya fi sauri da ƙarfin ja, don haka ya fi dacewa da aikin da ake so a gama da wuri a kan hanya mai kyau. Jaki ya fi dacewa da tafiya a hankali ta tsawon sa'o'i, a kan turba mai duwatsu ko yashi. Inda jaki ya gaza shi ne damina. Gashinsa ba ya tare ruwa kamar na doki, ruwan sama yana ratsa shi har fata, kuma kofatonsa yana shan ruwa ya yi laushi idan ya daɗe cikin taɓo. Rumfa da busasshen wurin tsayuwa sun fi zama dole gare shi a kan doki.

## Kaya da abinci: misali

A ɗauki jaki mai nauyin kilo 130, wanda ake ɗebo ruwa da shi daga rijiya. Ma'aunin da aka fi ba da shawara a kai shi ne kada kayan da ke bayansa su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wato kilo 43 ko kusa da haka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka biyu masu lita 20 sun kai kilo 40, idan aka haɗa da akumari da igiya an cika ma'aunin. Jarka huɗu masu lita 25 kuwa kilo 100 ne, fiye da ninki biyu na abin da ya dace. Jakin zai ɗauka, kuma a nan matsalar take: ba zai yi tutsu ya zubar ba, sai dai bayan makonni a ga miki a gadon baya da ɗingishi. Idan ana son kai ruwa mai yawa, amalanke mai daidaitaccen nauyi ya fi, domin jaki yana jan abin da ya ninka wanda zai iya ɗauka. Ga dokin hawa, ma'aunin da aka saba ambata shi ne kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi. Doki mai kilo 300 ke nan zai ɗauki kilo 60.

Wajen ci, jaki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 1.3 zuwa 1.8 cikin 100 na nauyinsa a rana. Ga jakin misalin nan, kusan kilo 2 ke nan. Doki yana buƙatar kashi 2 zuwa 2.5, wato kilo 6 zuwa 7.5 ga mai kilo 300. Ba yawan ne kaɗai ya bambanta ba. Abinci yana daɗewa a hanjin jaki, don haka yana tatsar amfani daga karan dawa da busasshiyar ciyawa da doki ba zai riƙe jiki da su ba. Jaki mai aiki kullum ana ƙara masa harawa da ɗan dusa. Doki mai aiki yana buƙatar ciyawa mai kyau da harawa, da hatsi kamar gero ko dawa, a raba masa kashi-kashi, domin tumbinsa ƙarami ne kuma ba ya iya amai. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya yana jawo ciwon ciki da kumburin cikin kofato ga dukansu biyu, amma jaki ya fi saurin cutuwa da abinci irin na doki. Dukansu suna buƙatar gishirin lasa.

## Gane rashin lafiya

Doki mai ciwon ciki yana tona ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana gumi, yana faɗuwa yana birgima. Ko wanda bai san dawaki ba zai gane akwai matsala. Jaki mai irin wannan ciwo sau da yawa tsayawa kawai yake yi shiru, kai a sunkuye, kunnuwa sun saki gefe. Wani lokaci yakan sa baki cikin abinci yana motsa shi ba tare da ya haɗiye ba. Birgima a ƙasa kuwa ɗabi'arsa ce ta yau da kullum, ba ta nuna komai ita kaɗai. Shi ya sa likitocin dabbobi suke ɗaukar jakin da ya yi sanyi ya daina ci a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa.

Akwai wani dalili na musamman. Idan jaki ya daina ci, jikinsa yana sakin kitse mai yawa cikin jini, kitsen ya taru a hanta da ƙoda, kuma hakan yana iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Jaka mai ciki ko mai shayarwa da jaki mai ƙiba sun fi shiga wannan hatsari. Saboda haka ba a barin jaki da yunwa da sunan magani, kuma ba a jira a ga ko zai warware da kansa.

Ma'aunin zafin jiki ma ya bambanta. Na doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, na jaki kuwa ya ɗan fi ƙasa, kimanin 36.5 zuwa 37.8. Digiri 38.4 ba komai ba ne ga doki, amma ga jakin da yake hutawa a inuwa abin lura ne. Haka nan jikin jaki yana fitar da wasu magungunan rage ciwo da sauri fiye da na doki, don haka ba a auna masa magani da lissafin doki ba tare da likita ba.

Cututtuka ba sa kama su daidai wa daida. Annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da dare suke yaɗawa, tana kashe mafi yawan dawakin da ta kama, amma jakunan Afirka galibi ba sa jin jiki sosai. Akwai kuma tsutsar huhu da jaki yake ɗauke da ita ba alama, amma idan suna kiwo wuri ɗaya sai doki ya kamu da tari. Wannan ba ya nufin jaki ya fi ƙarfin kowace cuta: murar dawaki da ta ɓarke a Afirka ta Yamma a 2018 da 2019, har da jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, jakuna ta fi kashewa.

## Kofato da kayan aiki

Kofaton jaki ƙarami ne, ya fi na doki miƙewa tsaye, kuma ba a yanke shi da siffar na doki. Dabbar da ba ta tafiya a ƙasa mai tauri tana buƙatar gyaran kofato duk bayan mako 6 zuwa 10. Bayan jaki shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tudun kafaɗa irin na doki, don haka sirdin doki ba ya zama a kansa. Akumari mai kyau yana sauke nauyi a kan haƙarƙari ta gefe biyu, ya bar ƙashin baya ba abin da ya taɓa shi, kuma mangala tana buƙatar nauyi ɗaya a kowane ɓangare. Igiyar leda siririya, ko a dabaibayi ko a ɗaurin kaya, tana yanka fata. Ana duba bayan dabba da ƙirjinta da gindin wutsiya kullum bayan an sauke kaya, domin wurin da gashi ya fara gogewa nan ne miki zai fito idan ba a gyara shimfiɗar ba.