Injin Kama Satar Fasaha: Shin Yana Jin Hausa Kuwa?

A jami'o'i da kwalejojin ilimi da dama, kundin digiri ba ya isa teburin masu jarrabawa yanzu sai an haɗa shi da wata takarda mai ɗauke da lamba: kashi kaza cikin ɗari. Idan lambar ta yi ƙasa, ɗalibi ya yi ajiyar zuciya. Idan ta haura iyakar da makaranta ta gindaya, a mayar masa da aikinsa. Ɗaliban sashen Hausa da na sauran harsunan gida ma ba su tsira daga wannan sharaɗi ba a wasu wuraren. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: lambar nan, a kan rubutun Hausa, me take aunawa?

Da farko sai an raba abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai manhajar duba kamanceceniya, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Turnitin, kuma a Nijeriya Kwamitin Shugabannin Jami'o'i ya ƙaddamar da tasa mai suna EagleScan a 2021. Aikin irin wannan manhaja shi ne neman inda kalmominka suka zo daidai da na wani. Sai kuma manhajar da ke iƙirarin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, wato abin da ChatGPT da ire-irensa suka rubuta. Dukansu suna fitar da kashi cikin ɗari, amma aikinsu ya sha bamban, kuma inda kowacce ke tuntuɓe a Hausa daban ne.

Manhajar kamanceceniya ba ta karanta ma'ana. Tana ɗaukar jerin kalmomi daga rubutunka, ta laluba rumbunta, wanda ya ƙunshi shafukan intanet, mujallun ilimi, da ayyukan ɗaliban da aka taɓa ɗorawa. Duk inda ta ga jeri iri ɗaya sai ta shafa masa launi. Saboda haka ƙarfinta duka yana ga rumbun. Abin da ba ya ciki, ba za ta taɓa ganinsa ba.

To ina ilimin Hausa yake ajiye? Mafi yawansa a takarda yake. Kundayen digiri na shekaru aru-aru suna jere a kantocin ɗakunan karatu na Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da yawansu da keken rubutu aka buga su. Ga littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya wallafa, ga tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara tun 1939, ga dubban littattafan adabin kasuwar Kano, ga rubuce-rubucen ajami. Ko an ɗauki hoton shafin an ɗora, hoto ne kawai, sai an mayar da shi haruffan da kwamfuta ke iya bi. Hausar da ta fi yawa a intanet ita ce ta gidajen labarai irin su BBC da Muryar Amurka da DW da RFI da Aminiya, sai fassarar littattafan addini, sai Wikipedia. Wannan ba ita ce rijiyar da mai satar kundi ke ɗiban ruwa a cikinta ba.

Mu ƙaddara wani misali. Ɗalibai biyu ne, kowanne da kundi mai kalmomi 10,000 a kan waƙoƙin baka. Na farko ya je ɗakin karatu ya sami tsohon kundi mai ƙura, ya kwafe babi guda sukutum, kalmomi 3,000. Kusan sulusin aikinsa sata ne. Amma tunda ba a taɓa ɗora tsohon kundin a ko'ina ba, babin zai fito fari fat, rahoto ya nuna ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na biyu kuwa ya yi aikinsa da guminsa. Sai dai ya kawo ayoyi da hadisai da fassararsu, ya kawo karin magana, ya kawo baitocin da yake nazari, ya rubuta godiya da sadaukarwa irin yadda kowa ke rubutawa, ya jera manazarta waɗanda 'yan ajinsa na bara ma su suka jera. Idan waɗannan suka kai kalmomi 2,500, kuma akwai su a rumbu, rahotonsa zai nuna kashi 25. A tsarin launukan Turnitin, daga 1 zuwa 24 kore ne, daga 25 kuma ya koma rawaya. Ɓarawo ya wuce da kore, mai gaskiya ya tsaya yana rantse-rantse.

Kamfanin da kansa yana nanata cewa lambar ba hukuncin sata ba ce, manuniya ce kawai, kuma akwai maɓallan da malami zai danna ya cire manazarta da abin da aka sa cikin alamar zance. Sai an buɗe rahoton an bi wuraren da aka shafa wa launi ɗaya bayan ɗaya kafin a san me ya faru. Abin baƙin ciki, sau da yawa shafin farko kaɗai ake bugawa a liƙa.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da rubutunmu. Dubi wannan jimla: "Mawaƙan baka sun daɗe suna yi wa jama'a faɗakarwa da gargaɗi a ƙasar Hausa." Kalmomi 14 ne, biyar daga ciki suna da harafi mai ƙugiya. Wani zai buga ta da ƙugiyoyinta, wani ya rubuta mawakan da dade, wani kuma mawak'an da dad'e. A idon mai karatu jimla ɗaya ce. A wajen kwamfuta kuwa ƙ da k haruffa biyu ne mabambanta, kowanne da lambarsa, kuma ƙ ba ta cikin haruffan da ake iya zare musu alama a bar gangar jikinsu kamar é ta Faransanci. Duk manhajar da ba a koya mata wannan musamman ba, za ta ga kalmomi biyar sun saɓa, kuma jeri mafi tsawo da ya rage mata bai wuce kalmomi huɗu ba. Ƙara da bambancin ƴ da aka fi rubutawa a Nijar da 'y ta Nijeriya, da masu haɗe shi ne su rubuta shine, da za a da za'a. Ba sai ɗalibi ya yi wata dabara ba. Sake buga rubutun a wata waya kaɗai na iya ɓatar da sawu.

Fassara ita ce babbar kafa. Tun 2013 Hausa ta shiga Google Translate. Wanda ya ɗauko maƙalar Turanci ya juya ta zuwa Hausa ya ɗan gyara, babu jerin kalmomin da zai yi daidai da na asali, alhali tunanin duka na wani ne.

Manhajar gano rubutun inji kuwa lamarinta ya fi tayar da hankali, domin ita ba ta da wani asali da za ta nuna maka ta ce ga inda aka kwaso. Hasashe take yi. Injin rubutu yakan zaɓi kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka rubutunsa kan tafi sumul, ba ba-zata. Manhajar sai ta auna: kalmomin nan suna da sauƙin cinkowa, ko akwai tsalle-tsalle irin na ɗan Adam? Kafin ta iya wannan awo, dole ta ga tarin rubutun mutane da na inji a harshen, har ta san yadda kowanne yake tafiya.

Ko a Turanci, inda aka fi ciyar da ita, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar a Janairun 2023. Da bakinsa ya ce kashi 26 kawai na rubutun inji take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi, kuma ta fi rauni a harsunan da ba Turanci ba. A Yulin shekarar ya janye ta. A 2023 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajoji bakwai da insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta. A matsakaici, kimanin kashi 61 aka ce inji ne ya rubuta, yayin da insha'in yaran Amurka kusan duka suka wuce lafiya. Dalili shi ne mai koyon harshe yakan tsaya ga kalmomin da ya sani, sai rubutunsa ya yi kama da na inji. Wannan ya shafi kowane ɗalibinmu da ke rubuta kundinsa da Turanci. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe wannan sashe na Turnitin a Agustan 2023, bayan ta yi lissafin cewa ko kuskuren kashi 1 ne kacal, a cikin takardu 75,000 da ta ɗora a 2022, kimanin 750 ne za a zarga a banza.

Turnitin ya fara wannan sashe a Afrilun 2023 da Turanci kaɗai, daga baya ya ƙara wasu harsuna ƙalilan kamar Sifaniyanci da Japananci, ba tare da Hausa ba. Idan harshen ba ya cikin jerinsa, ba ya bayar da sakamako, kuma wannan gaskiya ce abin yabawa. Haɗarin yana ga shafukan kyauta waɗanda duk abin da ka zuba musu sai sun fitar maka da lamba. Akwai kuma masu juya aikin ɗalibi zuwa Turanci da injin fassara, sannan su auna. Abin da suka auna ɗin Turancin inji ne, ba Hausar ɗalibi ba.

Kowane malami zai iya gwada abin da kansa cikin rabin awa. Ya ɗauko rubutun Hausa guda goma da ya tabbata an yi su kafin Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, ya sa inji ya rubuta wasu goma a kan batutuwan, ya zuba duka a manhajar, ya ƙirga nawa ta canka daidai. Sannan ya buga shafi guda daga wani tsohon kundi ya ɗora a manhajar kamanceceniya, ya sake ɗora shi babu ƙugiyoyi. Sakamakon da ya gani da idonsa ya fi duk wani tallan kamfani.

Abin da ke aiki kuwa tsoho ne. Mai duba kundi ya riƙa karɓar aiki babi-babi, ya ajiye zubin farko da gyare-gyarensa. Ya zaɓi manazarta uku ko huɗu ya ce a kawo masa su ya gani, domin inji ya shahara da ƙirƙiro littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Ya lura da inda salo ya sauya kwatsam, ko inda Hausar ta koma tana tafiya da ƙafafun Turanci. Waɗannan ma alamu ne kawai, dalilin kiran ɗalibi ne a zauna. A zaman, a ce masa: "Malam, rufe kundin, ka yi mana bayanin babi na biyu da bakinka." Wanda ya rubuta zai yi, ko da in'ina.

Ga hukumomin makarantu, roƙo biyu ne. A ware kuɗi a mayar da tsofaffin kundaye rubutun kwamfuta da ƙugiyoyinsu daidai, a ɗora su a rumbu ɗaya da kowace makaranta za ta iya dubawa, domin sai da haka manhajar kamanceceniya za ta fara amfani a Hausa. Sannan a rubuta a cikin dokar jarrabawa, ƙarara, cewa ba za a kayar da ɗalibi ko a kore shi a kan lambar manhajar gano rubutun inji kaɗai ba.