Karanta Ƙarfin Rodi a Zanen Gwaji

Kafin injiniya ya amince da rodi, sai an ɗaure guntunsa a injin gwaji an yi ta jan sa har ya tsinke, injin kuma yana zana layi. A tsaye ana nuna ƙarfin jan da ke kan kowace murabba'in milimita ta ƙarfen, a kwance kuma miƙuwarsa, wato ƙarin tsawon da ya yi a raba da tsawonsa na asali.

Mu ɗauki rodi mai santsi na ƙarfe mai taushi, kaurinsa milimita 10. Faɗin bakinsa murabba'in milimita 78.5 ne, kuma da wannan adadi za a raba duk ƙarfin da injin ya nuna.

Da farko layin yana hawa a miƙe sak: in ja ya ninka, miƙuwa ta ninka. A 200 N/mm², tsawon milimita 50 da aka yi wa alama bai ƙaru da fiye da milimita 0.05 ba, kuma da an saki ƙarfen zai koma yadda yake. Ɗora rula a kan layin. Inda ya fara kauce wa rular, nan ce iyakar daidaito. Tana da wuyar gani, domin kaucewar kaɗan ce ƙwarai.

Gaba kaɗan sai layin ya yi ɗan tsini, ya faɗo, ya kwanta yana 'yar rawa. Ƙarfen ya sallama ke nan: yana ta miƙewa ba tare da an ƙara ja ba, kuma ba zai sake komawa tsawonsa ba. Tsinin na sama ba abin dogaro ba ne sosai, saurin injin ma yana iya sauya shi. Kwanciyar ta ƙasa ta fi tabbas. Idan injin ya nuna kilonuton 19.6 a nan, a raba 19,600 da 78.5, a sami kusan 250 N/mm². A ganina wannan ne adadin da ya fi cancanta mai gini ya tambaya, domin dakin da rodinsa ya wuce nan ya riga ya lanƙwashe ya tsage, ko da bai rufto ba.

Daga nan ƙarfen yana ƙara tauri, layin ya sake hawa a gantsare har ƙololuwa. In kilonuton 33 ne a can, iyakar ƙarfinsa kusan 420 N/mm² ke nan.

A nan ɗalibai suka fi yin kuskure: sai su karanta inda layin ya ƙare. Alhali bayan ƙololuwa rodin yana tsukewa a wuri guda, jan da yake iya ɗauka ya ragu, layin ya gangaro kafin ya tsinke. Ƙarfen da ke wurin tsukewar bai yi rauni ba. Siririncewa ya yi, mu kuma har yanzu da 78.5 na asali muke rabawa.