Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Makarantar Kwana

A yawancin makarantun kwana ba a barin ɗalibi ya riƙe waya, saboda haka takardar da aka naɗe aka soke a cikin kwalin kayan kalaci har yanzu tana da aiki. Amma akwai wasiƙar da ke kwantar da hankali, akwai kuma wadda ke tayar da kukan da ya riga ya kwanta.

Kewar gida tana da lokutanta. Ta fi tsanani a makonnin farko na zangon farko, kuma ta fi kama yaro bayan sallar isha'i idan an kashe fitila, ko a ɗakin cin abinci idan ya ɗanɗana miyar da ba ta Umma ba. A irin wannan lokacin zai ciro wasiƙarki ya sake karantawa, don haka ki rubuta abin da zai iya karantawa sau goma.

Babban kuskuren iyaye shi ne juye wa yaro tasu kewar. Idan kika ce masa gidan ya yi shiru, ko abinci ba kya iya ci, kin ɗora masa laifin tafiyarsa. Wanda ya fi wannan muni shi ne alƙawarin cewa idan ya kasa jurewa za a zo a ɗauke shi. Daga ranar sai ya daina neman abokai, ya koma leƙen ƙofar makaranta.

Ga yadda wata uwa za ta rubuta wa ɗanta na aji ɗaya: "Babana, ina gajiyar karatu? Akuyarka ta haifi 'yan biyu, ƙanwarka ta ce ba za a raɗa musu suna ba sai ka zo. Na san dare yana yi maka tsawo, ni ma haka na yi a shekarata ta farko, ana 'yan makonni sai ya wuce. Waye maƙwabcin gadonka? Ga ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ka ɗiba masa. Ranar ziyara muna tafe da Baba. Allah Ya yi maka albarka."

Ba ta ce masa namiji ba ya kuka ba. Ta amsa cewa kewar gaskiya ce, a jimla ɗaya, ta wuce. Tambayar maƙwabcin gado kuwa dabara ce, domin ta juya idonsa zuwa inda yake, ƙuli-ƙulin kuma ya zama dalilin fara hira. Labarin bikin da aka sha ba shi, ko rashin lafiyar Kaka, a bar su sai an haɗu.

Sai dai wasiƙa tana da iyaka. Idan zango ya yi nisa yaro yana ramewa, ko ya koma fitsarin kwance, ko kullum kayansa na ɓacewa, wataƙila cin zalin manyan ɗalibai ne. Wannan kam ki aje biro, ki je ki ga malamin da ke kula da ɗakin kwanansu.