Kafin Ka Biya Kuɗin Afostil: Yadda Ake Tantance Takardar Digiri Don Aiki a Ƙasar Waje

Da zarar mutum ya samu aiki ko gurbin karatu a wata ƙasa, saƙon da yakan biyo bayan na taya murna shi ne a turo takardar digiri wadda aka tantance. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa hannun ejan, wanda zai ce a kawo kuɗi ya yi wa satifiket afostil cikin kwana biyu. In dai a Najeriya aka ba ka digirin, wannan alkawari kansa ya isa ya sa ka riƙe aljihunka, domin babu hukumar da ke ba da afostil a Najeriya. Hanyar da takardar Najeriya take bi daban ce, kuma tana da matakai da ba a tsallake ɗaya.

Abin da ya sa ake wannan wahala ba shi da wuyar fahimta. Jami'in da ke zaune a Dubai ko Doha bai san sa hannun magatakardar jami'arku ba, bai taɓa ganin hatiminsa ba. Wanda ya sani shi ne jakadan ƙasarsa da ke Abuja. Shi kuma jakadan ya san sa hannun jami'an Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya, su kuma sun san na Ma'aikatar Ilimi, ita kuma ta san jami'o'i. Tamkar yadda mai unguwa ke sa hannu dagaci ya shaida, hakimi kuma ya shaida dagaci ne. Kowane hatimi shaida yake bayarwa a kan wanda ke ƙasa da shi. Wanda ya riƙe wannan, ya san dalilin da ya sa ba a fara kai takarda ofishin jakadanci.

Afostil kuwa taƙaita wannan doguwar hanya ne. A ranar 5 ga Oktoba, 1961, aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Hague na ƙasar Holan, ta fara aiki a 1965, kuma yanzu ƙasashe fiye da 120 ne ke cikinta. Abin da suka amince shi ne, idan hukumar da ƙasa ta naɗa ta liƙa wa takarda shaida guda ɗaya, sauran ƙasashen yarjejeniyar za su karɓa ba sai an je ofishin jakadancinsu ba. Shaidar tana da gurabe 10 masu lamba, daga sunan ƙasa da na wanda ya sa hannu har zuwa lambar rajista da hatimi da sa hannun hukumar, kuma a samanta akwai take da Faransanci: Apostille (Convention de La Haye du 5 octobre 1961). Sharaɗin shi ne ƙasar da ta ba da takardar da wadda za a kai wa su kasance duka suna ciki. Birtaniya da Amurka da Indiya da Turkiyya da Maroko suna ciki. Saudiyya ta shiga a Disambar 2022, Sin kuma a Nuwambar 2023. Najeriya ba ta ciki, haka ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Katar da Masar. Ana iya duba jerin a shafin hcch.net, don ƙasashe na ƙara shiga.

Abin lura shi ne, asalin takardar ake dubawa, ba fasfon mai ita ba. Ɗan Najeriyan da ya yi digiri a Indiya zai kai shi Saudiyya, a Indiya za a yi masa afostil, a Ma'aikatar Harkokin Wajensu, bayan hukumar ilimin jihar da jami'ar take ta tabbatar da shi. Babu ofishin da zai yi masa wannan a Abuja. Amma wanda ya yi digiri a Kano ko Zariya ko Maiduguri, ko da ƙasar da za shi tana cikin yarjejeniyar, tsohuwar hanya zai bi.

Bari mu bi hanyar da misali. A ɗauka wata malamar lissafi ce, ta gama digirinta a wata jami'ar Arewa, ta samu koyarwa a wata makaranta a Sharja. Makarantar ta ce ba za a nema mata izinin aiki ba sai da tantacciyar takarda.

Matakin farko a gida yake, kafin a kashe ko sisi. Ta ajiye satifiket da fasfo kusa da juna ta karanta sunan harafi bayan harafi. A fasfo an rubuta Aisha, a satifiket Aishatu, kuma sunan garinsu da ta yi amfani da shi tun firamare yana kan satifiket amma babu shi a fasfo. Mu a wajenmu mutum ɗaya ne, amma ga jami'in da bai san mu ba mutum biyu ne. Maganin shi ne takardar rantsuwa daga babbar kotu da ke nuna sunayen duka nata ne, a haɗa da sanarwar jarida, ko kuma wasiƙa daga jami'ar. Wannan matsala takan dami masu suna Muhammad, wanda ake rubutawa ta hanyoyi da dama. A wannan mataki ne kuma za ta tabbatar cewa ainihin satifiket ne a hannunta, domin takardar sakamako ta wucin gadi da ake kai wa bautar ƙasa yawancin ofisoshi ba sa karɓarta a madadinsa. Idan kuma an taɓa manne satifiket ɗin da leda, tawada ba ta zama a kai, kuma ɓare ledar da hannu yakan tafi da rubutun. Gara ta tambayi ofishin da za ta je ko zai buga hatimin a kan kwafi.

Mataki na biyu jami'a ce. Za ta nemi takardar makin darussa daga ofishin magatakarda, don sau da yawa tare ake neman su da satifiket, kuma wannan ne yakan fi cin lokaci. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tsangaya zuwa ofishin jarrabawa ya san ba aikin yini ɗaya ba ne. Tun ranar da aka fara maganar aikin ya kamata a shigar da buƙatar.

Mataki na uku shi ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja, sashen da ke kula da tantance takardun karatu. Aikinsu shi ne tabbatar da cewa makarantar sananniya ce a hukumance kuma takardar daga gare ta ta fito. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya: a fitar da lambar RRR da sunan ma'aikatar, a biya a banki ko ta waya, a riƙe rasit. Duk wanda ya ba ka lambar asusunsa ya ce kuɗin ma'aikata ne, ba ma'aikatar kake biya ba.

Mataki na huɗu, Ma'aikatar Harkokin Waje da ke gidan Tafawa Ɓalewa a Abuja. Su ba su binciken makinta. Sa hannun jami'in Ma'aikatar Ilimi suke dubawa su buga nasu hatimin a kai, shi ya sa wanda ya zo da takarda ba hatimin ilimi sai a mayar da shi. Nan ma biyan ta Remita ne, kuma akan lissafa kuɗin bisa yawan takardu ko shafuka, don haka satifiket da takardar maki da rantsuwar kotu kowanne da nasa.

Mataki na biyar, ofishin jakadancin ƙasar da za ta je, wato na Daular Larabawa a Abuja. Kowane ofishi da ƙa'idarsa da farashinsa da ranakun karɓarsa, kuma suna sauyawa, saboda haka daga bakinsu ko shafinsu za a ji, ba daga wanda ya yi bara ba. Hatimin wannan ofishi ƙasarsa kaɗai yake yi wa aiki. Idan aikin Sharja ya wargaje ta samu wani a Doha, hatiman ma'aikatun Najeriya suna nan, amma sai ta je ofishin jakadancin Katar.

Ko da ta sauka, da sauran rina a kaba. Ma'aikatar Harkokin Wajen Daular Larabawa za ta buga hatimi na ƙarshe a kan na jakadanta. Bayan haka, a sana'o'i irin koyarwa akan nemi takardar daidaita digiri, wadda ke nuna matsayinsa a tsarin iliminsu. Wannan wani aiki ne mai zaman kansa, kuma a nan ne iyakar hatimi take bayyana. Afostil da tantancewar jakada duka sa hannu da muƙamin mai sa hannu da hatiminsa suke tabbatarwa. Ba su cewa karatun yana da inganci, ba su kuma tilasta wa kowa ya karɓe shi. Mun ga haka a gida: a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. Takarda tana iya zama da hatimi na gaskiya alhali babu karatu a bayanta.

Akwai kuma waɗanda ba sa bukatar wannan zirga-zirga gaba ɗaya. Masu neman ƙaura zuwa Kanada ta hanyar WES, jami'a ce ke aika takardar makinsu kai tsaye. Likitoci da ma'aikatan jinya masu nufin ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha sukan bi ta DataFlow, wanda ke tuntuɓar makaranta da hukumar lasisi da kansa, kuma hatimi ba ya maye gurbin wannan bincike. Don haka kafin ka hau motar Abuja, ka rubuta wa wanda ya nemi takardar ka tambaye shi abu uku: waɗanne takardu yake so, a kan ainihi ko kwafi yake son hatimin, kuma yana bukatar fassara ko a'a. Ka sa ya amsa a rubuce.

In ya zama dole ka wakilta wani saboda nisa, ka nemi rasit ɗin Remita na kowace ma'aikata da na ofishin jakadanci, ka duba sunanka ne a kai. Ka juya bayan takardar ka karanta ranakun hatiman: na ilimi ya riga na harkokin waje, shi kuma ya riga na jakada. Idan ranakun sun saɓa, ko ka ga kalmar afostil a kan digirin Najeriya, kada ka aika da ita. Ranar da aka gano hatimin jabu a ƙasar waje, ejan yana gida abinsa, sunan da ke kan satifiket shi za a kira.