Lokacin da Wasa Ya Tsaya a Bakin Ƙofa: Matsalar MTU da Yadda Ake Gwada Ta

Akwai wata irin matsalar intanet da ke ɗaure wa masu wasan bidiyo kai. Saƙonnin waya suna shiga, gwajin saurin intanet ya nuna lamba mai daɗin gani, amma da an buɗe wasa sai ya tsaya a wurin shiga, alamar jira tana ta juyawa. Wani lokaci ma ya wuce nan, a ga jerin abokan wasa, sai ana shirin ɗora filin wasa ya maƙale, can ya ce an yanke sadarwa. Yawancin mutane kan ɗora laifi a kan netwok ko ƙarewar data. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma idan ƙananan abubuwa suna wucewa, manya ne kawai ke maƙalewa, kuma kullum a wuri ɗaya, to ya kamata a zargi MTU.

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule a intanet. Ana yayyanka su ne zuwa ƙunshi ƙunshi, wato fakiti. MTU shi ne iyakar girman fakiti ɗaya da wata hanya za ta iya ɗauka. A wayar Ethernet da kuma Wi-Fi na gida iyakar da aka saba da ita bayit 1500 ce, kuma kwamfuta kan ɗauka haka abin yake har zuwa ƙarshen tafiya. Ba haka yake ba. Layin gida mai amfani da tsarin PPPoE yana cinye bayit 8 don rubutunsa, sai iyakar ta koma 1492. Mai amfani da VPN yana ƙara wa fakitinsa riga a kan riga. Manhajar WireGuard, alal misali, ta saba farawa da 1420. Layukan waya na 4G su ma sukan naɗe fakiti a cikin wani fakiti, don haka mai wasa ta mifi ko hotsfot na iya samun iyakar da ba ta kai 1500 ba. Kamar motar da aka yi wa lodi daidai tsayin ƙofar gida ce, ba a san akwai wata gada a gaba da ta fi ƙofar gajarta ba.

Masu tsara intanet sun san da wannan, kuma tun 1990 suka fitar da mafita. Mai aikawa yana sa wa fakiti alamar DF, ma'ana kada a farfasa shi. Idan ya isa wurin da ya yi masa ƙanƙanta, rautar da ke wurin za ta jefar da shi, ta mayar da saƙon ICMP cewa ya yi girma, ga iyakarta. Mai aikawa ya rage, tafiya ta ci gaba, ba wanda ya san an yi. Inda gizo ke saƙar shi ne wasu masu kula da hanyoyi suna toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro. Fakiti ya faɗi, labarin faɗuwarsa bai koma ba. Mai aikawa ya sake turo shi da girmansa na farko, ya sake faɗuwa.

Wannan ne ya sa matsalar take zaɓar inda za ta kama. Gaisuwar farko tsakanin na'urarka da sabar wasa ƙananan fakiti ne, suna wucewa lafiya. Amma takardar shaidar tsaro da saba ke turowa lokacin shiga, da bayanan asusunka, da sabunta wasa, duk suna cika fakiti har baki. A tsakiyar wasa kuwa, labarin motsi da harbi yawanci ƙananan fakitin UDP ne. Shi ya sa ban yarda da masu cewa sauya MTU yana rage jinkirin wasa ba. Idan wasa yana shiga, yana tafiya, jinkiri ne kawai damuwarka, nemi dalili a wani wurin.

Gwajin ba ya buƙatar sayen komai, kwamfuta kawai da ke kan layin da ake wasa da shi. A Windows a buɗe Command Prompt, a fara da ping na yau da kullum don tabbatar da cewa adireshin yana amsawa, sannan a tura babba:

```
ping 1.1.1.1
ping -f -l 1472 1.1.1.1
```

Harafin -f yana sa alamar DF, -l kuma yana faɗin girman kayan. An zaɓi 1472 ne domin akwai bayit 28 da umarnin ba ya ƙirgawa, 20 na kan IP da 8 na ICMP. In an haɗa sun zama 1500 cif. A Linux umarnin shi ne `ping -M do -s 1472 1.1.1.1`, a Mac kuma `ping -D -s 1472 1.1.1.1`.

Amsar da ta dawo ita ce labarin. Idan an ga Reply from, hanyar tana ɗaukar 1500, ba ruwan MTU. Idan an ga Packet needs to be fragmented but DF set, akwai wuri mai ƙunci, amma gargaɗinsa yana iso maka, kuma wannan da sauƙi. Wadda ta fi muni ita ce Request timed out a kan babban fakiti alhali ƙarami yana dawowa. Nan ne fakiti ke ɓacewa shiru.

A ɗauki gidan da aka ja wa layin faiba mai PPPoE. An tura 1472, shiru. An sauko 1400, ya amsa, don haka iyakar tana tsakaninsu. 1440 ya amsa, 1460 ya amsa, 1470 ya ƙi. Daga nan sai a riƙa hawa ɗaya ɗaya: 1464 ya wuce, 1465 ya ƙi. A ƙara 28 a kan 1464, an sami 1492. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya manta da ƙarin, ya rubuta 1464 a matsayin MTU. Wasa zai yi aiki, amma an yi asarar fili a banza. Kowace lamba a gwada ta fiye da sau ɗaya, domin layi mai rauni yana zubar da fakiti ko da ba su yi girma ba, kuma idan ana wasa da VPN a yi gwajin yana kunne.

Gyara ya fi kyau a rauta, a shafin WAN, a sa 1492 a gurbin MTU, domin duk na'urorin gida su amfana. Idan akwai zaɓin MSS clamping a kunna shi: yana sa rauta ta sanar da saba tun a gaisuwar farko cewa ta rage girman abin da za ta turo, ko da yake TCP kawai yake taimaka wa. Wanda ba shi da ikon taɓa rauta, kamar ɗalibi a ɗakin kwana, sai ya gyara a kwamfutarsa, bayan ya buɗe Command Prompt da ikon mai kula:

```
netsh interface ipv4 show subinterfaces
netsh interface ipv4 set subinterface "Wi-Fi" mtu=1492 store=persistent
```

Umarnin farko yana nuna sunan haɗin da lambar da yake kai yanzu. A rubuta ta a ajiye don komawa idan gyaran bai yi amfani ba. PlayStation da Nintendo Switch suna da gurbin MTU a saitin intanet ɗinsu, kuma Switch da 1400 yake zuwa. Xbox yana nuna lambar a gwajin hanyarsa amma ba ya barin a sauya ta, dole sai a rauta.

Gwajin yana da iyakarsa. Abin da aka auna hanyar zuwa 1.1.1.1 ce, ba hanyar sabar wasa ba, kuma sabobin wasa da yawa ba sa amsa ping. Duk da haka wurin ƙuncin galibi yana kusa da gida ne, a layin kamfanin intanet ko a VPN, don haka lambar takan yi daidai. Kada dai a sauko ƙasa da 1280, domin IPv6 ba ya aiki a ƙasa da haka. Idan an sa lambar da gwaji ya bayar, wasa kuma bai daina maƙalewa ba, a mayar da tsohuwar, a duba nau'in NAT da wasan yake nunawa.