Yadda Ake Gina Sautin Fim Hawa-Hawa

Makirfon ɗaukar fim bakin mai magana yake fuskanta, shi ya sa takun ƙafa, motsin tufafi da hayaniyar unguwa ba su cika shiga ba. Idan an zauna tace fim sai a ji murya tsirara, ko'ina tsit, alhali babu wurin da yake shiru haka. Maganinsa shi ne a gina sautin hawa-hawa.

Misali, hoton mutumin da ya shigo zaure ya zauna kan tabarma. Hawa na farko shi ne sautin zauren kansa. Kafin ma'aikata su watse daga wurin ɗauka, kowa yana yin shiru, a naɗi sakan 30 zuwa 60 da makirfon da aka yi aiki da shi. Wannan ake shimfiɗawa ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya. In babu shi, duk inda aka yanke hoto sai kunne ya ji sauti ya ɗauke ya dawo.

A kansa ake ɗora sautin waje: adaidaita sahu yana wucewa, muryoyin yara, carar zakara. A nan aka fi yin kuskure. Rage ƙarfin sauti kaɗai ba ya mayar da shi nesa, domin bango da tazara suna cinye kaifinsa ne su bar kaurinsa. Saboda haka ake dusashe kaifin, a kuma ajiye shi wajen desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Haka nan idan aka maimaita guntun naɗi, zakara ɗaya zai yi ta cara iri ɗaya, mai kallo kuwa nan take yake ganewa.

Hawa na uku shi ne motsin jiki. Ana kallon hoton ana kwaikwayonsa gaban makirfo: silifa kan siminti, hayaniyar babbar riga, ƙarar tabarma lokacin zama. Wannan sana'a tana ɗauke da sunan Jack Foley, wanda ya yi ta a kamfanin Universal tun farkon fina-finai masu magana. Dacewar lokaci ita ce komai a nan. A fim mai hoto 25 cikin sakan ɗaya, taku da ya riga saukar ƙafa da hoto biyu ko uku yana tona kansa.

Daga ƙarshe ake haɗa kan sautukan da amsa-kuwwa. Takun da aka naɗa a ɗaki mai labule a bushe yake, zauren siminti kuwa yana mayar da sauti. Ana ba takun da rigar gajeriyar amsa-kuwwa iri ɗaya da ta muryar, ban da sautin waje. Sannan a saurari aikin a lasifikar waya: in wata kalma ta ɓace, hawan da ya rufe ta ake ragewa, ba muryar ake ƙarawa ba.